Wasiƙar Injiniya Zuwa Ga Maigidansa: Kafin A Ajiye Albashi A Kama Aikin Ba Da Shawara

Injiniyan da ya shekara goma zuwa goma sha biyar a bakin aiki yakan kai wata gaɓa da hanya ke rabuwa biyu. Ya san aikinsa, ya riƙe filin gini da kansa, an daina duba masa lissafi, amma kujerun da ke samansa kaɗan ne kuma masu su ba su da niyyar tashi. A nan ne da yawa ke fara tunanin komawa aikin ba da shawara, wato ya zama kwansoltan. Wannan shi ne injiniyan da ba ya karɓar kwangilar gini. Aikinsa ya binciki wuri, ya yi zane da lissafi, ya shirya takardun kwangila, sannan ya tsaya a madadin mai aiki ya tabbatar ɗan kwangila ya yi abin da aka rubuta. Iliminsa, lokacinsa da sa hannunsa su ne hajar da yake sayarwa.

Kafin ya ajiye albashi, mai hankali yakan rubuta wa wanda ya koya masa aiki. A wannan sana'a kusan kowa yana da maigida: babban injiniyan da ya riƙe shi yana sabon fitowa daga jami'a, wanda wataƙila shi ya sa masa hannu lokacin da ya nemi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya tun 1970. Wannan wasiƙa ce nake so mu duba, domin yawancin waɗanda ake rubutawa ba sa haifar da komai, kuma laifin ba na maigidan ba ne.

Wasiƙar da aka saba gani takan fara da doguwar gaisuwa, ta bi da godiya, sannan ta ƙare da cewa mai rubutun yana tunanin shiga aikin ba da shawara kuma yana neman a sa masa albarka, a ba shi shawara. Dattijon da ya karanta wannan ba shi da abin kamawa. Bai san nawa yaronsa ya tara ba, bai san ko yana da wanda zai ba shi aikin farko ba, bai san ko kamfani zai buɗe ko wani zai shiga ba. Sai ya amsa da abin da aka ba shi: Allah Ya yi jagora, a yi haƙuri, a riƙe gaskiya. Addu'a ce mai kyau, amma injiniyan yana nan inda yake.

Ga wata ta daban. Misali ce na tsara, ba ta wani mutum takamaimai ba, kuma alƙaluman da ke cikinta na misali ne, amma irin halin da ta kwatanta kowa a sana'ar ya san shi.

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali. Shekara goma sha huɗu ke nan da kuka ɗauke ni aiki. Yanzu ina riƙe da ayyukan ruwa a kamfanin kwangilar da kuka sani: tankunan sama, shimfiɗa bututu da ƙananan wuraren tace ruwa. Albashina naira 900,000 a wata, gida yana cin 650,000, kuma na tara miliyan huɗu. Ina so in koma ba da shawara a fannin ruwan sha na ƙananan garuruwa, ba gini gaba ɗaya ba. Hanya uku nake gani: in shiga kamfanin ba da shawara a matsayin ma'aikaci, in yi aiki da sunana a ƙarƙashin manyan kamfanoni, ko in buɗe nawa. Raina ya fi karkata ga ta uku, kuma na yi niyyar karɓar naira 60,000 a kowace ranar aiki. Mutum biyu sun ce za su ba ni aiki, amma babu wanda ya rubuta. Abu uku nake roƙo ku duba mini: ko wannan farashi zai riƙe ni, ko sabon kamfani zai iya samun aikin gwamnati a shekararsa ta farko, da kuma yadda zan bar wurin aikina ba tare da na ci amanar kowa ba. Ba aiki nake nema a wurinku ba. Idan kun ba ni rabin awa, zan zo duk ranar da kuka zaɓa."

Wasiƙar ba ta cika shafi ɗaya ba, amma duk wanda ya san sana'ar zai ɗauki alƙalami tun kafin ya kai ƙarshenta. Abin da ya bambanta ta da waccan shi ne mai ita ya yarda ya tona cikinsa. Mu Hausawa muna jin nauyin faɗa wa babba albashinmu ko ajiyarmu, kuma kunya ce mai asali. Sai dai a nan tana cutarwa, domin kuskuren da ya fi kashe sababbin masu ba da shawara yana cikin waɗannan alƙaluma ne, kuma maigida ba zai gan shi ba sai an nuna masa.

Mu ɗauki naira 60,000 ɗin nan. Ga yadda injiniyan ya same ta. Albashinsa na shekara miliyan 10.8 ne. Ya raba shi da ranakun aiki kamar 240, ya sami 45,000, ya ɗora 15,000 a kai, ya ga ai ya ci riba. Lissafin ɗan albashi ke nan, wanda ake biyansa ko da aiki ko babu. Mai ba da shawara kuwa ba a biyansa sai ranar da ya yi wa wani aiki. Ranar da ya tafi neman aiki, ranar da ya kwana yana rubuta takardar neman kwangilar da a ƙarshe wani ya samu, ranar da ya wuni a ofishin akanta yana bin kuɗin da ya riga ya yi wa aiki, ranar da ya kwanta zazzaɓi, duk babu mai biyansa. A shekarar farko, wanda ya sayar da rabin ranakunsa ya yi ƙoƙari. Mu ce kwana 120.

Sannan akwai abubuwan da kamfani ke ɗauke masa bai ma lura ba: hayar ofis, man mota da na janareto, lasisin manhajar zane, inshora, kuɗin sabunta rajista, akanta, da ƙaramin injiniya ɗaya mai taya shi zane. A ce duka sun kama naira 600,000 a wata, wato miliyan 7.2 a shekara. To a ninka 60,000 sau 120, abin da zai fito miliyan 7.2 ne cif. Ma'ana zai yi shekara guda yana aiki, ofis ya cinye komai, ko kwabo bai shiga gida ba. Idan yana so ya tsaya inda albashinsa yake, sai ya haɗa miliyan 10.8 da miliyan 7.2, ya raba miliyan 18 da kwana 120. Farashinsa na gaskiya naira 150,000 ne a rana, ninki biyu da rabi na abin da ya yi niyya. Kuma daga nan mai aiki zai cire kashi biyar cikin ɗari na harajin da ake riƙewa tun daga tushe kafin ya biya shi. Harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari, idan ya hau kansa, dole ya fito daban a takardar neman biya, domin kuɗin hukuma ne yake karɓa mata, ba nasa ba.

Maigidan da ya ga wannan zai tambaye shi abu ɗaya: a cikin mutum biyun da suka yi maka alkawari, akwai wanda zai biya 150,000 a rana? Idan babu, ba a gama shiri ba.

Ajiyar ma haka take. Gida 650,000, ofis 600,000, jimla miliyan ɗaya da dubu 250 duk wata. Miliyan huɗu za ta kai shi wata uku da 'yan kwanaki. Amma aikin ba da shawara ba ya biya da wuri. Idan ya ajiye aiki yau, kafin a sa hannu a yarjejeniyar farko wata biyu sun wuce, kafin ya miƙa rahoton farko wani wata ɗaya ko biyu, sannan a fara jiran biya. Dokar sayen kaya da ba da kwangilar gwamnati ta 2007 ta ce kuɗin da ya wuce kwana sittin ba a biya ba ya zama jinkiri, kuma ruwa zai hau kansa gwargwadon abin da aka rubuta a yarjejeniya. Duk wanda ya taɓa bin kuɗi a ma'aikata ya san kwana sittin sau da yawa mafari ne kawai. A shekara irin 2024, da hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi talatin cikin ɗari, kuɗin da aka riƙe maka wata shida ya dawo hannunka a rame. Shi ya sa tsofaffin hannu ke raba biya kashi-kashi a rubuce, misali kashi talatin na kafin alƙalami, arba'in idan an miƙa zanen gwaji, talatin idan an miƙa na ƙarshe, kuma ba sa sakin zanen ƙarshe mai hatimi sai kaso na biyu ya shigo. A ganina, wanda bai tara abin da zai riƙe gida da ofis na wata tara ba, bai kamata ya buɗe ofis ba tukuna.

Tambaya ta biyu, ta aikin gwamnati, amsarta ba ta da daɗi, amma a cikinta mafita take. Buɗe kamfani a yau ba wuya. Tun dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya ma yana iya yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar CAC. Bayan haka kamfanin da zai yi aikin injiniya yana bukatar tasa rajistar a COREN, ban da ta mai shi. Wahalar tana zuwa ne ranar da aka buga tallar aiki a jarida. Ma'aikatun tarayya sukan nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, rahoton akanta na shekara uku, takardun hukumomin fansho, horas da ma'aikata da inshorar ma'aikata, da shaidar cewa kamfanin ya taɓa yin irin wannan aiki a 'yan shekarun baya. Kalmar da za a lura da ita ita ce kamfanin. Tankuna ashirin da injiniyan ya gina yana ma'aikacin wani, a takarda na wancan kamfanin ne. Nasa jariri ne, bai taɓa yin komai ba.

Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu sun fi nuna yadda abin yake, domin tsarinsu a bayyane yake. Da farko kamfanoni su nuna sha'awa, a tace su a fitar da kaɗan, kuma a wannan mataki tarihin kamfani ake dubawa. Sabon kamfani a nan yake faɗuwa. Waɗanda suka tsallake su kawo takarda biyu a rufe daban-daban, ɗaya ta yadda za su yi aikin da mutanen da za su yi shi, ɗaya ta farashi. Ba a buɗe ta farashi sai an gama ba ta farko maki, kuma sau da yawa inganci ke ɗaukar kashi tamanin, farashi ashirin. A cikin makin ingancin nan, babban kaso yana kan ƙwararrun da kamfani ya gabatar da sunayensu: shekarunsu a aiki da irin ayyukan da suka riƙe. To a nan shekara goma sha huɗun injiniyanmu ke da tsada. Babban kamfanin da ke neman aikin ruwa a Jigawa ko Katsina yana bukatar injiniyan ruwa mai rajista, wanda ya san ƙasar kuma yana jin harshen mutanen, ya sa sunansa a takarda. Akwai kuma ayyukan da ake ɗaukar mutum ɗaya kai tsaye, ta hanyar gwada tarihin aikinsa da na wasu, ba a tambayar kamfani sam.

Saboda haka maigida mai gaskiya zai ture shi daga hanya ta uku zuwa ta biyu. Ya yi shekara biyu yana aiki da sunansa a ƙarƙashin manya, ba haya, ba ma'aikata. Ya yi wa kamfaninsa rajista tun yanzu, ya riƙa shigar da bayanan haraji ko da abin da ya shigo kaɗan ne, domin shekarun nan uku su fara ƙirguwa. Duk aikin da ya samu daga babban kamfani, ya roƙa a rubuta yarjejeniyar da sunan kamfaninsa idan zai yiwu, kuma ya karɓi takardar shaidar kammalawa. Waɗannan takardu su ne tarihin da zai nuna nan gaba. Hanyar tana da nata haɗari: wasu kamfanoni sukan ari tarihin aikin mutum su ci kwangila da shi, sannan su sa wani mai araha. Maganinsa kada ya ba da takardunsa sai da wasiƙar da ta faɗi aikin, yawan kwanakinsa da farashinsa.

Akwai abin da injiniyan bai tambaya ba, kuma shi ne maigidan zai fi daɗewa a kai. Mutumin nan duk rayuwarsa a ɓangaren ɗan kwangila yake. Ya saba a ce masa yi sauri, rage kashe kuɗi. Yanzu zai koma wanda ke cewa a'a. Idan aka zuba kankare, akan ɗebi samfuri a ƙananan akwatuna, a fasa wasu a injin gwaji bayan kwana bakwai, sauran bayan kwana ashirin da takwas. Na kwana bakwai yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe. Idan ya gaza haka da nisa, alama ce an rage siminti, ko an cika ruwa, ko yashin da datti. A ranar ɗan kwangila zai zo da takardar neman biya, mai aiki yana gaggawar buɗe wuri, kuma babu abin da ke tsakaninsu da kuɗin sai sa hannun kwansoltan. Yana ma'aikaci, akwai wani a samansa da zai ɗauki wannan nauyi. Yanzu hatiminsa ne a kan zanen, lambar rajistarsa ce a jiki, kuma idan tankin ya tsage shi za a kira.

Benen nan mai hawa ashirin da ɗaya da ya rushe a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum fiye da arba'in, ya bar wa sana'ar darasi kan wannan. Bayan rushewar jaridu sun buga wata wasiƙa ta watan Fabrairu 2020, inda kamfanin injiniyoyin da ke kula da ƙarfin ginin ya sanar da mai shi cewa ya janye hannunsa, domin ba zai iya ci gaba da lamunce ingancin aikin ba. Janyewa irin wannan tana nufin barin kuɗi, kuma mai wata uku kacal a ajiya da wuya ya iya yin ta. Nan ne lissafin ajiya ya haɗu da maganar amana: wanda yunwa ke bi yana sa hannu a abin da ya san bai dace ba. Don haka yarjejeniyarsa ta faɗi iyakar aikinsa a fili, ko zane kaɗai ne ko har da sa ido, sau nawa zai je fili, da hakkinsa na tsayar da aiki ko janyewa a rubuce. Ba sai ya ƙirƙiro ta daga kansa ba. FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya da aka kafa a 1913, tana da samfurin yarjejeniya tsakanin mai aiki da mai ba shi shawara wanda ake kira Farin Littafi, kuma ko ƙaramin aiki zai amfana da kwaikwayon tsarinsa. Ya kuma yi inshorar kuskuren sana'a kafin ya buga hatimin farko.

Wani abu da ke tafe da wannan: mai ba da shawara ba ya cin tuwo biyu a aiki ɗaya. Wanda ya yi zane ya kuma tsaya sa ido ba zai kawo bututu ko siminti a aikin ba, ko da sunan ƙaninsa ne. Ƙa'idojin Bankin Duniya sun hana, kuma ko ba su hana ba, ranar da ɗan kwangila ya zama abokin cinikinsa ya rasa bakin ƙin aikinsa. Injiniyan da ya fito daga kwangila ya san dillalai da yawa, kuma tayin zai zo masa tun a watan farko.

Batun barin wurin aiki ya fi sauƙi. Ya karanta takardar ɗaukarsa aiki, ya ba da wa'adin da aka rubuta, ya miƙa ayyukan hannunsa a rubuce. Zane, lissafi da jerin farashin kamfani ba nasa ba ne, ko da shi ya yi su. Mutum biyun da suka yi masa alkawari, idan abokan hulɗar kamfaninsa ne na yanzu, ya faɗa wa shugabansa da bakinsa kafin wani ya faɗa. Sana'ar ƙarama ce, kuma tsohon wurin aiki sau da yawa shi ke fara ba mutum aiki. Da a ce ma'aikacin gwamnati ne, da maganar ta fi tsanani, domin ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin 1999 ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci mai zaman kansa in ba noma ba. Shi ba zai fara a gefe yana jiran abin ya kankama ba, sai ya ajiye aiki tukuna.

Saura jimlar nan da ya rubuta, cewa ba aiki yake nema ba. Wani zai ɗauka ladabi ne kawai, amma tana da aiki. Maigidan da ke da nasa kamfanin ba da shawara yana iya ganin yaronsa a matsayin abokin takara, ko ya ji tsoron shawara za ta zama roƙo. Da aka cire wannan, sai ya saki jiki ya faɗi gaskiya, har da wadda ba ta da daɗi. Ya kamata kuma injiniyan ya tuna cewa maigidan ya kafa nasa ne a wani zamani, da wani farashi da wasu mutane, don haka ya gwada alƙaluman da wani tsaransa da ya fita shekara biyu ko uku da suka wuce.

Bayan ganawar, ya sake rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa cikin wata uku, ya faɗi abin da ya yi: farashin da ya tsayar, ko ɗaya daga cikin mutum biyun ya yarda ya rubuta alkawarinsa, nawa ajiyar ta kai, da ranar da ya sa zai miƙa takardar barin aiki. Idan babu ko ɗaya da ya yarda ya rubuta, ya faɗi hakan ma, ya ɗaga ranar.